Dalilin da ya sa kwamfuta mai tsada take rage gudu idan ta ɗau zafi

A watan Yuli na shekarar 2018 kamfanin Apple ya fito da sabuwar kwamfutar cinya MacBook Pro mai inci 15. Wanda yake son mafi ƙarfi a cikinsu sai ya ƙara ɗaruruwan daloli a sa masa furosesa Core i9 na kamfanin Intel, wanda a takarda ya fi duk abin da Apple ya taɓa sawa a kwamfutar cinya gudu. Kwanaki kaɗan bayan fitowarta wani mai sharhin kayan fasaha a YouTube, Dave Lee, ya ba ta aikin haɗa bidiyo a manhajar Premiere Pro. Ta ɗauki kusan minti 40 kafin ta gama. Ya ba samfurin 2017 mai Core i7 aikin nan dai, ta gama a kimanin minti 35. Daga nan ya ɗauki sabuwar ya sa ta a cikin firiza ya maimaita aikin, sai ta gama a kimanin minti 27.

Ba a canza komai a cikin kwamfutar ba tsakanin minti 40 da minti 27. Furosesa ɗaya, manhaja ɗaya, bidiyo ɗaya. Iskar da ke kewaye da ita kawai aka sanyaya. Wannan ya nuna cewa gudun da aka rubuta a kwali yana da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne a iya kwashe zafin da furosesa ke fitarwa. Idan aka kasa, da kansa zai rage gudu. A allon manhajojin da ke auna zafin kwamfuta ana rubuta wannan hali da suna `Thermal Throttling`.

Daga ina zafin yake fitowa?

Furosesa ɗan guntun silikon ne da bai fi farcen babban yatsa faɗi ba, amma a cikinsa akwai biliyoyin tiransista, wato ƙananan makunnai da ke buɗewa suna rufewa. Lambar GHz da ake gani a talla tana faɗin sau nawa agogon furosesa ke bugawa a daƙiƙa ɗaya: 3 GHz na nufin sau biliyan 3. Duk bugu yana cin lantarki, kuma kusan duk lantarkin da ya shiga zafi yake komawa. Furosesan da ke jan wat 45 yana fitar da zafin wat 45, duk daga wannan ɗan ƙaramin wuri.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne zafin ba ya tashi daidai da gudu, ya fi gudun saurin tashi. Injiniyoyi suna rubuta dangantakar a taƙaice haka:

```
P ≈ C × V² × f
```

P ita ce wutar da ake ci, f gudun agogo, V kuma ƙarfin lantarkin da ake ba furosesa, wanda ake aunawa da bolt. C ta dogara ne ga yadda aka ƙera shi da irin aikin da yake yi. Matsalar tana wajen V, domin ana ninka ta da kanta, kuma furosesa ba ya iya ƙara gudu sosai sai an ƙara masa bolt. Mu ɗauki misali. A ce furosesa yana tafiya a 3 GHz da bolt 1.0, ana son ya kai 4 GHz, hakan kuma na buƙatar bolt 1.2. Gudu ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku, wato sau 1.33. Bolt ɗin da aka ninka da kansa ya ba da 1.44. Haɗa su biyu, wutar ta tashi sau 1.92. An sami ƙarin gudu na sulusi, amma zafi ya kusa ruɓanya. Shi ya sa ɗan gudun ƙarshe da ake taƙama da shi a talla ya fi kowane sashe tsada wajen zafi, shi ne kuma farkon abin da ke tafiya idan al'amura suka ɓaci.

Zafin nan dole ya bi hanya ya fita. A saman silikon ana shafa wani mai kauri mai ruwan toka, masu gyara suna ce masa fes, don ya cike ƙananan gibin da ke tsakanin furosesa da farantin jan ƙarfen da ke danne shi. Daga farantin akwai bututun jan ƙarfe mai ɗan ruwa a rufe a cikinsa. Ruwan yana tururi a gefen zafi, tururin ya ruga zuwa ɗaya gefen inda aka jera siraran faifayen ƙarfe, a can ya huce ya koma ruwa ya dawo. Fanka tana hura iska ta tsakanin faifayen ta fitar da zafin waje. Kowane mataki a nan yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma kwamfuta siririya tana da ƙaramin bututu, gajerun faifaye da ƙaramar fanka.

A cikin furosesa akwai ma'aunan zafi da ke aiki ba dare ba rana. Galibin furosesoshin Intel na kwamfutar cinya iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, wasu na AMD kuma 95. Da zarar an taɓa iyakar, sai ya rage gudu da bolt har zafin da yake fitarwa ya yi daidai da wanda ake iya kwashewa. Idan hakan bai wadatar ba, kwamfutar ta kashe kanta. Wannan ba lalacewa ba ce, kariya ce da aka gina da gangan, kuma ita ce ta sa da wuya ka ji furosesan zamani ya ƙone saboda fanka ta tsaya.

Akwai tambayar da ke ɗaure wa mutane kai: me ya sa kwamfuta take sauri a farkon aiki, sai bayan minti biyu ko uku ta fara jan ƙafa? Ka ɗauka kana zuba ruwa a bahon da ke da ƙaramin rami a ƙasa. Da farko za ka iya kwarara ruwa yadda ka ga dama, domin akwai wuri. Idan bahon ya cika, ba za ka ƙara zuba fiye da abin da ramin ke fitarwa ba. Jan ƙarfen da ke kan furosesa shi ne bahon, yana shanye zafi na ɗan lokaci. Fanka da faifaye su ne ramin. Buɗe shafin intanet ko takardar Word aiki ne na daƙiƙa ɗaya ko biyu, baho bai ko kusa cika ba. Haɗa bidiyo na rabin awa kuwa girman ramin ne kaɗai ke yanke hukunci.

Kamfanoni sun san da haka, shi ya sa kusan kowane furosesa yake da lambobi biyu. Akwai gudun tushe, wanda ake sa ran zai riƙe a dogon aiki idan an ba shi sanyin da ya dace. Akwai gudun ƙoli, wanda Intel ke kira Turbo Boost, da ake kaiwa na ɗan lokaci idan akwai sarari. A wajen wuta ma iyaka biyu ce. `PL2` ita ce babba, ta gajeren lokaci, wadda a tsarin da Intel ya ba da shawara ga kwamfutocin cinya da yawa ba ta wuce kimanin daƙiƙa 28. `PL1` ita ce ta dogon zango. Mai ƙera kwamfutar ne ke saita waɗannan lambobi gwargwadon sanyin da ya tanada, don haka kwamfutoci biyu na kamfanoni dabam masu furosesa iri ɗaya sak za su iya bambanta ƙwarai a aiki.

Mu koma kan MacBook ɗin 2018. Furosesan da ke cikinta Core i9-8950HK ne, mai cibiyoyin aiki shida, gudun tushe 2.9 GHz, gudun ƙoli 4.8 GHz. Mafi araha a jerin shi ne Core i7-8750H, shi ma cibiya shida, tushe 2.2, ƙoli 4.1. Duka biyun ajin wat 45 ne, kuma gidan da aka sa su ɗaya ne: gangar jiki mai kaurin milimita 15.5 da aka tsara tun 2016, lokacin da furosesoshin cikinta cibiya huɗu ke gare su. Wanda ya biya kuɗin i9 ya sayi gudun ƙoli mafi tsawo, amma bai sayi ko fanka ɗaya ƙari ba. Shi kansa 4.8 ɗin ba dukkan cibiyoyi shida ke kai shi tare ba, kuma ɗan ƙarinsa na ƙarshe sai furosesa yana ƙasa da kimanin digiri 50 ake samunsa, zafin da babu siririyar kwamfutar da za ta tsaya a kansa tana aiki mai nauyi.

To amma wannan zai iya sa mai tsada ya yi kunnen doki da mai araha ne kawai. Yaya aka yi har ya faɗi ƙasa da shi? Amsar tana ga yadda ake rage gudun. Idan an tsara abin da kyau, furosesa yana sauka a hankali ya zauna a wani gudu da zai iya riƙewa. Idan ba a tsara da kyau ba, sai ya yi ta tsalle: ya haura sama, ya bugi iyaka, kariya ta jefo shi can ƙasa kusa da 0.8 GHz, ya ɗan huce, ya sake haurawa. Yi lissafin da kanka. Furosesan da ya yi rabin lokacinsa a 3.5 GHz, rabi a 0.8, matsakaicin gudunsa 2.15 ne. Wanda ya zauna daram a 2.8 ya wuce shi nesa, alhali bai taɓa ganin 3.5 ba. Irin wannan hawa da faɗuwar aka gani a MacBook ɗin. A ranar 24 ga Yuli 2018 Apple ya amince cewa akwai kuskure a manhajar da ke kula da zafin na'urar, ya ba da haƙuri, ya fitar da gyara ga macOS High Sierra. Bayan gyaran tsallen ya tsaya, gudun ya inganta sosai. Sai dai gyaran manhaja ba ya faɗaɗa bututu, don haka a dogon aiki tazarar da ke tsakanin i9 da i7 a wannan gida ta kasance 'yar kaɗan idan aka kwatanta da abin da lambobin kwali ke nunawa.

Bayan shekara biyu Apple ɗin dai ya sake ba da misali mai tsabta. A ƙarshen 2020 ya sa furosesansa M1 a MacBook Air, wadda ba ta da fanka sam, ya kuma sa shi a MacBook Pro mai inci 13, wadda ke da fanka. A gajeren gwaji kusan daidai suke. Idan aiki ya yi tsawo, Air tana rage gudu, Pro tana riƙe nata. A nan kuɗin da aka ƙara sanyi ya saya, kuma a ganina wannan ƙari ya fi na 2018 ma'ana.

Harafin da ke ƙarshen lamba

Yawancin masu karanta wannan ba MacBook sabuwa za su saya ba. Kwamfutar hannu ta biyu za su nema a kasuwa, inda ciniki ke tafiya a kan kalma ɗaya: i7 ce ko i5? Mai saye yana ƙara kuɗi da ya ji i7, mai sayarwa ma sau da yawa iyakar abin da ya sani ke nan. Amma harafin da ke bayan lambar ya fi wannan suna faɗin gaskiya. A tsofaffin jerin Intel da suka cika kasuwanninmu, U na nufin ajin wat 15, wanda aka yi don siraran kwamfutoci masu tattalin batir. H ko HQ na nufin ajin wat 45, wanda ake sawa a masu kauri da manyan fankoki.

Duba waɗannan biyun na zubi na bakwai. Core i7-7500U cibiya biyu gare shi, a wat 15. Core i5-7300HQ cibiya huɗu, a wat 45. Gudun ƙolinsu duka 3.5 GHz ne. A aikin haɗa bidiyo ko zanen gini, i5 ɗin nan zai bar i7 a baya ba tare da wata gardama ba. A zubi na takwas abin ya fi ɓoyuwa, domin i7-8550U da i5-8300H kowanne cibiya huɗu gare shi, kowanne kuma gudun ƙolinsa 4.0 GHz. Mai duba talla zai ce ai daidai suke, i7 ma ta fi suna. A daƙiƙun farko haka ne. Amma idan lokacin `PL2` ya ƙare, ɗaya zai koma rayuwa da wat 15 ko ɗan fiye da haka, ɗayan yana da 45. Gudun tushensu ma ya tona asirin: 1.8 GHz ga i7 ɗin, 2.3 ga i5.

Ba ina cewa ajin U ba shi da amfani ba. Ɗalibi ko ma'aikacin ofis da aikinsa rubutu ne da intanet zai fi jin daɗin mara nauyi mai riƙe caji, musamman inda wuta ba ta zama. Abin da ke damuna shi ne matashin da ya tara kuɗi da ƙyar don ya fara sana'ar tace bidiyon biki, ya ƙara kuɗi a kan sunan i7, ya koma gida da na'urar da ba a yi ta don wannan aikin ba.

Sannan ga yanayinmu. Zafin da fanka ke iya fitarwa ya dogara ne kusan kai tsaye ga tazarar da ke tsakanin zafin furosesa da zafin iskar ɗaki. Idan iyakar furosesa digiri 100 ce, ɗaki kuma 25, tazarar 75 ce. A watan Afrilu a Kano, Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin rana ke kai 40 ko fiye, tazarar ta koma 60. An rasa kashi 20 cikin 100. Tsarin sanyin da ke kwashe wat 45 da ƙyar a ɗakin gwaji zai kwashe kimanin 36 ne a shagon da babu na'urar sanyaya ɗaki. Gudun ba zai faɗi da kashi 20 cif ba, saboda lissafin bolt da muka yi a baya yana taimakawa idan ana saukowa, amma kwamfutar da dama a bakin iyaka take za ta ji a jikinta. Apple ma ya rubuta cewa an tsara kwamfutocinsa na cinya su yi aiki ne tsakanin digiri 10 zuwa 35.

Ƙurar hunturu ta fi zafin ɓarna, domin ita tana taruwa. Tana shiga da iskar fanka ta maƙale a bakin faifaye, ta haɗu da zaren tufafi ta zama kamar ɗan bargo. Daga waje ba a ganinta. Alamarta ita ce fanka tana ihu amma idan ka sa hannu a mafitar iska sai ka ji 'yar kaɗan ke fitowa. Fes ma yana bushewa bayan wasu shekaru, kuma kwamfutar da ta yi shekara shida ko bakwai a wata ƙasa kafin ta iso nan mai yiwuwa ba a taɓa canza mata shi ba.

Yadda za ka gane da kanka

A Windows danna `Ctrl + Shift + Esc`, ka shiga `Performance`, ka zaɓi `CPU`. Za ka ga `Speed`, gudun da ake yi yanzu, da `Base speed`, gudun tushe. Ka jona caja, ka ba kwamfutar aiki mai nauyi na aƙalla minti goma, ka zuba wa `Speed` ido. Saukowa daga ƙoli bayan rabin minti ko minti ɗaya ba laifi ba ne, haka aka tsara. Abin dubawa shi ne inda ta tsaya. Idan ta zauna sama da gudun tushe, lafiya lau. Idan ta faɗi ƙasa da shi alhali aiki na ci gaba, akwai matsala.

Don sanin wace matsala ce sai an ga zafin, kuma manhajar kyauta ta HWiNFO tana nuna shi. Idan zafi yana tsakanin 95 da 100 kuma layin `Thermal Throttling` ya ce `Yes`, sanyi ne ya gaza. A nan gyara yana da amfani: a buɗe a share ƙurar faifaye, a goge tsohon fes a shafa sabo siriri, a tabbatar fanka na juyawa. Mai busa ƙura da bulowa ya riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A daina ɗora kwamfutar a kan katifa ko filo, domin yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska, kuma ɗaga bayanta kaɗan a kan tebur yana taimakawa.

Idan kuwa zafin bai wuce 75 ko 80 ba, gudun ya sauko ya tsaya cak, layin `Power Limit Exceeded` kuma ya ce `Yes`, to iyakar wat ce da mai ƙera ya saita. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, iyakar ƙarfinta ke nan, kuma ko an canza fes sau goma ba abin da zai ƙaru. Akwai hali na uku da ake yawan ɗora wa zafi laifinsa bisa kuskure: kwamfuta a sanyaye, amma gudu ya maƙale a 0.79 GHz ko ƙasa da haka. Wannan galibi saƙo ne daga wani sashe na allon kwamfutar yana umartar furosesa ya sauka. Cajar jabu ko wadda wat ɗinta bai kai ba, mataccen batir, ko ma'aunin zafi da ya lalace, su ne aka fi kamawa. A gwada cajar asali kafin a kwance komai.

Waya ma haka take, sai dai ita ba ta da fanka, jikinta ne ke fitar da zafi, kuma tana rage gudu tun kafin furosesa ya kai iyakarsa don kada ta ƙona hannu ko ta cutar da batir. Wasa a kanta tana caji, a cikin riga mai kauri, shi ne haɗa mata zafi biyu a toshe mafita.

Idan za ka sayi kwamfuta don aiki mai nauyi, kada gwajin minti ɗaya a bakin shago ya ishe ka, domin a minti ɗaya kowace kwamfuta gwana ce. Karanta cikakkiyar lambar furosesan har harafin ƙarshe, juya ta ka duba girman mashiga da mafitar iska, sannan ka roƙi mai shago ya bar ta ta yi aiki mai nauyi na minti goma kana kallon `Speed`. Lambar da ka gani a minti na goma, ita ce kake biya.